Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Tabbatar da Hali a Takardar Neman Gurbin Karatu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, karatun jami'a ya tsaya wa dubban matasa, kuma da yawansu sun koma neman gurabe da tallafin karatu a ƙasashen waje. A nan Gadarif, ba na cika mako guda ba tare da wani ɗalibi ya miƙo mini takardar bayanin kansa don in duba masa ba. Wani yana neman tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ke bukatar wasiƙar bayyana niyya. Wani kuma yana neman Chevening na Birtaniya, inda ake tambayar mai nema ya nuna yadda ya taɓa jagorantar mutane. Kusan dukkansu da jimla iri ɗaya suke buɗewa: "Ni mutum ne mai ƙwazo, mai himma, mai tsananin sha'awar ilimi."

Ra'ayina shi ne a soke wannan jimla ɗungurungum. A madadinta a ba da labarin rana ɗaya da mai takardar ya yi wani abu wanda malalaci ko mara amana ba zai yi ba. Dalilina mai sauƙi ne. Mai tantancewa bai san ka ba, kuma takardu masu yawa ne jibge a gabansa. Kalmar "ƙwazo" ba ta raba ka da kowa, domin malalaci ma yana iya rubuta ta, ba tare da ta ci masa komai ba. Abin da ba zai iya rubutawa ba shi ne abin da ya faru a wani wuri, a wani lokaci, da hannunka.

Daftarin farko

Wani matashi daga cikin Hausawan garin nan, wanda kakanninsa suka yada zango a kan hanyar aikin Hajji, ya kawo mini takardarsa ta neman digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Da Turanci ya rubuta, amma ga ma'anarta, kuma da izininsa na kawo ta:

"Ni mutum ne mai ƙwazo da jajircewa. Tun ina ƙarami nake da sha'awar harkar noma. Nakan taimaka wa iyayena a gona, kuma ina da ƙwarewar shugabanci da iya warware matsaloli."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan, na san yaron. Amma ɗauki sakin layin ka ba wa kowane matashi a yankin nan da noman riɗi da dawa ya zama abin dogaronsa, zai sa hannu a ƙasa ba tare da sauya harafi ba. Wannan shi ne gwaji na farko: duk jimlar da maƙwabcinka zai iya ara, ba taka ba ce.

Na ajiye takardar, na ce masa, "Bar Turancin nan. Faɗa mini da Hausa, wace rana ce a gona da ba za ka manta ba?" Ya ce, "Malam, ai babu wani abin kirki, sai dai wata rigima da muka taɓa yi da 'yan ƙwadago." Na ce ita nake so. Sai na bi shi da tambayoyi huɗu: Yaushe ne, kuma a ina? Me zai lalace in ba a yi komai ba? Kai da kanka me ka yi? Me ya sauya bayan nan? Cikin rabin sa'a muka sami wannan:

"A watan Oktoban 2022, lokacin yankan riɗi, kawuna ya damƙa mini littafin lissafin ma'aikata 14 a gonarsa. A wajenmu da hilla ake biya, wato dami 400. Ranar biya littafina ya nuna hilla 31, su kuma suka ce 34 suka yi, suka rantse ba za su ƙara ɗaukar lauje ba. Sauran riɗin ya nuna, in ya ƙara kwanaki kwansonsa zai fashe ya zube. Da asuba na kira shugabansu muka bi gonar, muka ƙidaya tsibi-tsibi. Muka sami 33. Biyun da suka ɓace laifina ne, domin da daddare nake rubutawa daga abin da na riƙe a ka. Na faɗa wa kawuna haka a gabansu, aka biya su, suka koma aiki kafin azahar. Daga ranar, kowace yamma ni da shugabansu muke ƙidaya tare, kowa ya sa alama. Wannan ne ya sa nake son nazarin yadda ake ƙulla yarjejeniyar ƙwadago a manyan gonakin damina."

Abin da ya sauya

A lura, babu kalmar yabo ko ɗaya a cikin sabon sakin layin. Duk da haka mai karatu ya ga mutumin da ya fita da asuba, ya gwada lissafinsa da abin da ke ƙasa, ya amsa kuskurensa a gaban babba, sannan ya gyara tsarin don kada a maimaita. Mai karatu ne da kansa ya yanke hukunci, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ya fi zama a ransa.

Wani abin mamaki kuma: yaron ya zo yana da'awar ƙwazo, labarin kuwa ya nuna amana da gaskiya. Haka yake faruwa sau da yawa. Sifofin da muke liƙa wa kanmu aro ne daga takardun wasu, halinmu na ainihi kuwa yana cikin abin da muka aikata. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da labari, daga baya a duba wane hali ya fito.

Ga ɗalibin Hausa, nahawu ma yana ba da ma'auni. Daftarin farko cike yake da "mai" da "ina da" da "nakan". Wato mallakar hali da lokaci sabau, waɗanda ke faɗin abin da aka saba, ba abin da ya auku ba. Na biyun kuwa ya hau kan shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda Bahaushe ke jera labari da shi: muka bi, muka ƙidaya, aka biya, suka koma. Idan ka karanta sakin layinka da Hausa ba ka ji "muka" ko "suka" ko "sai na" ba, to har yanzu da'awa kake yi. Saboda haka nake cewa ɗalibai su fara faɗin labarin da baki cikin Hausa, sannan su mayar da shi Turanci ko Larabci. Harshen da ka yi rigimar da shi ya fi tuna maka yadda ta kasance.

Batun kunya

Akwai masu ƙalubalantar wannan ra'ayi, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa Bahaushe ya taso kan cewa yabon kai jahilci ne, to ta yaya za a ce ya cika takarda da "na yi, na yi"? A cikin laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa kunya a cikin ginshiƙan halin kirki, tare da gaskiya da amana da haƙuri. Ba abin wasa ba ce.

Amsata ita ce: wanne ne yabon kai a cikin daftarin biyu? Wanda ya ce "ni mai ƙwazo ne" shi ne ya yi wa kansa kirari. Wanda ya ce "na ƙidaya, na ga kuskurena ne" shaida kawai ya bayar, har da wadda ba ta yi masa daɗi ba. Labari ya fi kusa da kunya fiye da jerin sifofi.

Inda kunya ke cutarwa shi ne wurin "mu". Ɗalibai da yawa suna rubuta "muka shirya, muka taimaka" daga farko har ƙarshe, har mai karatu ya rasa ko su ne suka ja ragama ko kallo suka yi. Ƙa'idar ita ce a ce "mu" inda aikin na taro ne, a ce "na" inda shawarar taka ce. Yaron nan bai ce shi ya yanke riɗin ba, amma ya ce shi ya kira shugaban ma'aikata.

Inda ake tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne ɗaukar wahala a matsayin shaida. Gadarif ta karɓi 'yan gudun hijira daga Tigray a sansanin Um Rakuba tun ƙarshen 2020, sannan ta karɓi waɗanda yaƙin cikin gida ya raba da muhallinsu. Kowa a nan yana da labari mai ban tausayi. Amma abin da ya same ka ba shi ne halinka ba. Idan ka rubuta cewa an rufe makarantarku, mai karatu zai tausaya, sannan ya jira ya ji me ka yi a watannin da take rufe. Jimla ɗaya ta isa wa musiba, sauran na aikinka ne.

Na biyu shi ne ƙari. Da an gane cewa labari ake so, sai wasu su fara ƙirƙira, ko su mayar da yara 9 da suka koyar zuwa 90. Tallafin karatu da dama suna yin ganawa da mai nema, kuma tambaya biyu kacal kan tona asiri, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙaramin adadi na gaskiya ya fi babba na shaci-faɗi, kuma kada ka rubuta lambar da ba za ka iya bayanin yadda ka same ta ba.

Na uku shi ne labarin da ya mamaye takardar. Ana ƙayyade yawan kalmomi, don haka bayanin fitowar rana da kukan tsuntsaye ba su da gurbi. Duk abin da ba ya nuna haɗarin da ake ciki ko matakin da ka ɗauka, a cire shi. Kuma dole labarin ya ƙare da jimlar da ta ɗaure shi da karatun da ake nema, kamar yadda rigimar hilla ta kai yaron ga nazarin yarjejeniyar ƙwadago. In babu wannan, an sami tatsuniya mai daɗi ne kawai.

Akwai kuma halayen da ba su da rana ɗaya mai tashin hankali, kamar haƙuri da naci. Waɗannan ana tabbatar da su da tsawon lokaci da adadi: wata nawa, sau nawa a mako, daga ƙarfe nawa. "Na yi wata 7 ina karantar da ƙannena bayan sallar isha'i" shaida ce, ko da ba a yi rigima da kowa ba.

Aikin gwaji

Ɗauko takardarka ka ja layi a ƙarƙashin kowane "mai kaza" da ka kira kanka da shi. A gaban kowanne rubuta wata da shekara da wurin da ka nuna shi. Wanda ka samar wa rana, ba da labarinta a jimla shida zuwa takwas, ka goge sifar. Wanda ka rasa masa rana, goge shi ba tare da ka musanya shi da komai ba. Yawanci biyu ne ke tsira, kuma biyun sun isa takarda guda.