Filin Lafiyar Iyali: Ciwon ƙugun mai dogon zama



Mu ɗauki misalin tela wanda yake hawa keken ɗinki tun hantsi, ba ya tashi sai azahar. Idan ya miƙe sai ya dafe ƙugu, ya yi ƴan taku a duƙe kafin bayansa ya saki. Haka direba da ma'aikacin biro suke fama.

Dalili shi ne, ƙashin baya yana da ɗan lanƙwasa a wajen ƙugu. Zama a sunkuye yana baje wannan lanƙwasa, nauyi ya taru a wuri guda, tsokokin ciki da na mazaunai masu tallafe shi kuma su yi sanyi. Alamar irin wannan ciwo ita ce yana ƙaruwa da zama, yana sauƙi da tafiya.

Ga motsi uku da telan nan zai yi bisa tabarma, cikin minti 10 kowace safiya.

Na farko, ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ya tsuke ciki har ƙugunsa ya manne da tabarma, ya ƙirga 5, ya saki. Sau 10.

Na biyu, yana nan kwance, ya matse mazaunai, ya ɗaga su har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su daidaita. Ya ƙirga 5, ya sauko a hankali. Sau 10. In ya ji aikin a ƙugu maimakon mazaunai, ya ɗaga fiye da kima.

Na uku, ya durƙusa kamar mai rarrafe, ya miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ya ƙirga 5, ya sauya. Sau 6 kowane gefe. Ya ƙaddara akwai ƙwaryar ruwa bisa bayansa wadda ba ya son ta zube.

Kada ya riƙe numfashi a ko ɗaya. Gajiyar tsoka ba laifi, amma zafi mai suka ko mai gangarawa ƙafa umarni ne na tsayawa. A wurin aiki kuma ya tashi ya taka duk bayan rabin awa, ya naɗe ɗan tawul ya sa tsakanin ƙugunsa da kujera. Kwanciya yini guda ba magani ba ce, sau da yawa ƙara sanƙarar da baya take yi.

A garzaya wurin likita ba jinkiri in ƙafa ta yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa. Haka ma in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko bayan faɗuwa, ko ya wuce mako 6 ba sauƙi. Mai juna biyu ta fara tuntuɓar ungozoma.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai fitowa ta gaba.