Daren 25 Ga Wata: Awannin Maigadi Na Wane Wata Ne?

Wasu otal-otal da gidajen mai sukan rufe lissafin albashi ranar 25 ga wata, domin kuɗi su shiga asusun ma'aikata kafin wata ya ƙare. Rigimar tana kan mai aikin dare. Ɗauki maigadin da ya kama aiki ƙarfe 7 na yammacin 25, ya tashi 7 na safiyar 26: awa biyar kafin sha biyun dare, awa bakwai bayanta. Wani akawun sai ya biya biyar ɗin, ya tura bakwai zuwa wata mai zuwa, kuma a nan suke ɓacewa, domin sabuwar takarda ba ta nuna lokacin shigarsa, sai na fita kawai. Idan awarsa naira 400 ce, naira 2,800 ta tafi. A ganina raba dare gida biyu neman wahala ne. A lissafa aikin duka a ranar da aka fara shi, a rubuta wannan ƙa'ida a takardar ɗaukar aiki, kada ta sauya da sauyin akawu. Kai kuma maigadi, ranar albashi ƙirga dararenka a littafin sa hannu tukuna, sannan ka karɓa.