“Sori” Ba Ta Ɗaukar Laifi

Ranar wata Asabar a ƙarshen shekarar 2023 aka ɗaura auren abokina a Funtuwa, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ni kuwa ina kwance a ɗakina a Kano. Tare muka yi makarantar kwana, shekara shida muna cin tuwo a kwano ɗaya. Wata guda kafin bikin ya kira ni da kansa ya gaya mini, na ce masa ko da rarrafe ne sai na zo. Ban je ba. Sai ranar Litinin da daddare na tura masa wannan saƙo: “Slm ango. Sori fa, wallahi na yi bizi ne. HML, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.” Ya karanta nan take, domin na ga alamar nan guda biyu ta koma shuɗiya. Amsa ba ta zo ba sai washegari, kalma biyu rak: “Ba komai.”

Duk Bahaushe ya san “ba komai” iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa da tsiya a bayanta, a ce maka ai ka ci bashi, sai mun rama ranar naka. Akwai kuma wadda ke zuwa ita kaɗai, a bushe, kamar an rufe ƙofa a hankali don kada maƙwabta su ji. Ta biyun na samu.

Na daɗe ina komawa kan saƙon nan, kuma abin da na gano ya fi rashin zuwan ba ni kunya. Ku duba yadda na raba harsunan biyu. Addu'ar da ba ta rage ni da komai ba, da Hausa na yi ta, cikakkiya, har da zuri'a ɗayyiba. Rantsuwa ma da harshen gida na yi. Amma wurare biyu da ke da nauyi, wato amsa laifi da faɗin dalili, nan na tsallaka Turanci: “sori” da “bizi”. A lokacin ban yi wannan lissafi ba, yatsa ne kawai ya bi inda ya fi sauƙi. Tun daga ranar nake lura da saƙonnin ban haƙuri da ke shigo mini, kuma sau da yawa haka rabon yake.

Dalilin da ya sa “sori” ta yi sauƙi shi ne, a Turancin da muke yi a Nijeriya aiki biyu take yi. Idan mutum ya yi tuntuɓe a gabanka ka ce masa “sori”, ba kai ka sa masa dutsen ba, “sannu” kake nufi. Idan ka taka masa ƙafa ma “sori” ɗin ce. To mai karanta saƙonka bai san wacce ka aiko masa ba, jaje kake yi masa kan abin da ya faru, ko kuwa tuba kake. Hausa ba ta bar wannan mafaka ba. “Sannu” daban, “ka yi haƙuri” daban, “ka yafe mini” kuma ta fi su duka nauyi, domin a cikinta ka yarda akwai haƙƙi a wuyanka, kuma ka miƙa wa ɗan'uwanka wuƙa da nama, ya yafe ko ya ƙi. Wanda ya rubuta “na yi laifi, ka yafe mini” ya durƙusa ke nan, ko da a waya ne. “Sori” kuwa a tsaye ake faɗinta, ana tafiya.

Ita kuma “bizi”, gwada fassara ta ka ji. “Ina da abin da ya fi aurenka muhimmanci a ranar.” Babu mai iya rubuta wa amininsa wannan da Hausa, amma da aka sa mata rigar Turanci sai ta wuce kamar uzurin ma'aikaci. Ga HML, haruffa uku da ke nufin fatan zaman aure mai daɗi, waɗanda ake liƙa wa hoton kowane ango da ba a sani ba a dandalin sada zumunta. Aminin shekara ashirin na aika wa su.

Gaskiyar abin da ya hana ni zuwa, kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma wata ya yi nisa. Da na lissafa zuwa da dawowa ta Zariya, da ɗinkin ankon abokan ango, da gudummawar da za ta dace da matsayina a wurinsa, sai na ga ba zan iya ba. Kunyar in je hannu rabbana ta sa na ƙi zuwa ɗungurungum, sannan kunyar faɗin haka ta sa na ɓuya a bayan “bizi”. Da na ce masa aljihu ne ya yi rauni, da dariya zai yi ya turo mini kuɗin mota, domin shi ma ɗan albashi ne, ya san yadda ashirin ga wata take.

Mafi muni a saƙon shi ne “wallahi”. Mun mayar da ita gishirin magana, har ba ma jin ta idan ta fita. Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ji, sun bambanta rantsuwa kan abin da za ka yi nan gaba da rantsuwa kan abin da ya wuce alhali ka san ƙarya ne. Ta farko idan ka karya ta akwai kaffara, wadda Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ta biyun ita ake kira gamusa, kuma sun ce kaffara ba ta goge ta, sai tuba. Wato na tashi gyara ƙaramin laifi tsakanina da aboki, na jawo babba tsakanina da Ubangiji, duk a cikin layi biyu.

Kuma shi kansa rashin zuwan ba ƙarami ba ne kamar yadda muke ɗauka. Amsa gayyata na cikin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan'uwansa da suka zo a hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, malamai kuma sun ƙarfafa ta musamman a walimar aure ga wanda aka gayyata shi da kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da amfani a zamanin nan. Katin da aka watsa a zauren tsofaffin ɗalibai mai mutum ɗari biyu, addu'a ta wadatar a kansa, kuma babu mai riƙe ka. Wanda ya ɗaga waya ya kira sunanka, ka kuma ce za ka zo, ka ɗauki kaya biyu, gayyata da alkawari. Ɗaurin auren kansa bai fi minti goma sha biyar ba: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, a shafa fatiha, a raba goro da alewa. Ango bai buƙaci kai don auren ya ɗauru ba. Abin da yake yi bayan an shafa shi ne ya tsaya cikin babbar riga yana gaisawa, idonsa na ƙirga fuskoki, kuma ya san wadda bai gani ba.

Kada a ɗauka yaƙi nake da Ingausa. Ni ma da ita nake hira, kuma akwai abokan da idan ka rubuta musu tsantsar Hausa sai su zaci an sace wayarka. Wanda ya tashi a Legas ko Jos, ko abokin aiki da bai ji Hausa sosai ba, a rubuta masa da abin da zai fahimta. Turanci na da wurinsa a saƙon: lokacin tashin jirgi, sunan taron ofis, bayanin kuɗin da ka tura. Abin da nake cewa shi ne, jimlar da ke ɗauke da laifin a rubuta ta da harshen da kuke faɗa da shi idan rai ya ɓaci, wanda iyayenku suka yi muku faɗa da shi. A tsakanina da angon nan, Hausa ce. A kuma rubuta ta cikakkiya. “Kayi hkr” ba ta kai ba, wanda ya kasa buga haruffa shida na “haƙuri” ya nuna iyakar haƙurin da yake nema.

Da zan koma baya, ranar Alhamis zan rubuta, kafin biki, domin uzurin da ya riga ɗaurin aure sanarwa ce, wanda ya biyo baya kuwa kare kai ne. Kuma ga abin da zan ce: “Ango, na yi maka alkawari kuma ba zan iya cikawa ba. Gaskiya kuɗin tafiya ne suka gagare ni, na kuma ji nauyin faɗa maka tun da wuri. Laifina ne, ka yafe mini. Zan kira ka anjima, kuma in Allah ya yarda Asabar ta farko bayan albashi ina nan tafe in yi muku Allah ya sanya alheri.” Babu rantsuwa a ciki, domin gaskiya ba ta nemi tallafi ba. Akwai rana takamaimai, ba “sai na shigo” ba, wadda kowa ya san ba ta da wata ba ta da shekara. Kuma saƙon share fage ne ga kira, domin a murya ne za ka gane wace “ba komai” aka ba ka.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma waya ba ta soke wannan ba. Wata uku na yi ina jan ƙafa kafin na shiga mota na tafi Funtuwa da turmin atamfa ɗaya na amarya. A zaure na gaya masa ainihin dalilin. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai banza ne wallahi. Saboda kuɗin mota?” Sai a lokacin ya leƙa ciki ya ce a kawo mana abinci.

Mai karatu, idan akwai irin wannan saƙo a wayarka da aka amsa maka da “ba komai” a bushe, kira wanda ya amsa maka yau kafin a kai ga suna.