Command ba Control ba ne, ko da mai shago ya rantse

Akwai shawarar da ake cusa wa duk wanda ya sayi kwamfutar Mac a Gusau tun bai bar gaban kanta ba: «Duk inda ka saba danna Control, danna Command, shi ke nan.» Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai cin aikin mutane.

Gaskiyarta ba ta da yawa. Kwafa, mannawa, adanawa da janye kuskure duk sun bi ƙa'idar: `Ctrl+C` ya koma `Cmd+C`, haka `V` da `S` da `Z`. Apple ce ma ta riga yaɗa su a Macintosh na 1984, wanda ko maɓallin Control ba shi da shi. Windows ta ɗora su a kan Control daga baya. Da Mac ya samu nasa Control, sai aka bar masa wani aiki dabam. Shi ya sa a TextEdit ko Mail `Control+A` ba ya zaɓar rubutu duka, farkon layi yake kai mutum, `Control+H` kuwa harafin baya yake gogewa.

A ɗauki akanta mai aiki da Windows a ofis a Bungudu, wanda ya sayi MacBook na hannu don aikin gida. Yana son kwashe fayil ɗin albashin wannan wata zuwa filash. Ya zaɓi fayil a Finder, ya danna `Cmd+X` kamar yadda aka koya masa, ya buɗe filash, ya danna `Cmd+V`. Finder ba ya yanke fayil da `Cmd+X`. 'Yar ƙara kawai zai yi, wadda ba a ji in an kashe sauti. Saboda haka abin da zai sauka a filash shi ne abin da aka kwafa a baya. Idan fayil ɗin watan jiya ne, mai suna kusan iri ɗaya, shi akanta zai kai ofis da safe ba tare da wani gargaɗi ya fito ba. Hanyar daidai ita ce `Cmd+C`, sannan `Option+Cmd+V` a wurin da ake son kai shi: a Mac, lokacin saukewa ake yanke shawarar kwafa ko kwashewa, ba lokacin ɗauka ba. Mai shakka ya zaɓi fayil ya buɗe `Edit`, zai ga `Cut` ya dusashe.

Na biyu ya fi tayar da hankali, ko da yake ɓarnarsa kaɗan ce. A Word na Windows, `Ctrl+H` ne ke buɗe wurin musanya kalma da wata. Malamar da ke gyara tambayoyin jarrabawa a Tsafe, in ta bi shawarar mai shago ta danna `Cmd+H`, Word gaba ɗaya zai ɓace daga allo. Bai rufe ba, ɓoye shi aka yi, `Cmd+Tab` zai dawo da shi. Amma wa ya gaya mata? Shi kuwa `Cmd+Q`, maƙwabcin `Cmd+W` mai rufe shafi ɗaya, manhajar dukanta yake kashewa, har da fom ɗin da aka kusa gama cikewa a intanet.

Masu gyara suna da maganin da suke alfahari da shi: su shiga `System Settings`, su buɗe `Modifier Keys` a ƙarƙashin `Keyboard`, su musanya maɓallan biyu don hannu ya ji kamar yana Windows. Hujjarsu ba banza ba ce, domin yatsun da suka shekara goma a kan hanya ɗaya ba sa sauyawa a yini guda. Amma musanyar mazaunin maɓalli kawai take canzawa, ba aikinsa ba. Finder ba zai fara yanke fayil ba, Word ba zai daina ɓuya ba, sai dai yanzu da maɓallin da mutum ya fi amincewa da shi zai ɓuya. Ƙari a kan haka, duk alamar ⌘ da ke rubuce a gefen umarni ta zama ƙarya a wannan kwamfuta, kuma mai aiki da Terminal zai nemi `Control+C` na tsayar da umarni ya tarar ya ƙaura.

Abin da ya kamata a koyar shi ne raba aiki tsakanin yatsu. Command yana manne da dogon maɓallin tazara, inda Alt yake a Windows, don haka na babban yatsa ne. Control na ƙaramin yatsa ne. Wanda ya riƙe wannan zai yi ta zirga-zirga tsakanin kwamfutar ofis da ta gida hannunsa na gane inda yake. Idan kuma ya jona allon rubutu na Windows a jikin Mac, maɓalli mai tambarin Windows ne zai zama Command, Alt ya zama Option, wato babban yatsa sai ya matsa gurbi ɗaya zuwa hagu.