Ramin ƙafa takwas a tsakar gida: abin da labaran galamse ba sa gaya mana

Duk damina sai mun ji shi a rediyo: ramin galamse ya rufta, an tono gawa kaza. A Nuwamban 2009 ramin Dompoase a yankin Yamma ya binne mutum aƙalla 15, akasarinsu mata. A Afrilun 2013 na Kyekyewere, kusa da Dunkwa, ya ci aƙalla 16. A Nuwamban 2021 ƴan'uwanmu na Ɗan Issa a jihar Maraɗi suka rasa mutum 18 a ramin zinare. Mukan yi salati, mu ce Allah ya jiƙan musulmi, sannan mu ɗauka cewa wannan masifa ce ta daji, ta masu neman zinare.

Ni kuwa ramin da ya fi tsorata ni yana nan cikin gari. Ku zaga Aboabo, Asawase, Sabon Zango da lungunan da ke bayan Manhyia, ku ƙirga ramukan da ake haƙawa: na sokawe, na salga, na rijiya, na gota. Tun da hukuma ta matsa kowane gida ya yi ban-ɗakinsa, haƙa ya ƙaru, kuma abu ne mai kyau. Sai dai masu haƙan yaranmu ne, wasu ma na koyar da su a aji. Diga da shebur kawai ake ba su, a nuna musu wuri, a ce su nutsa.

Bari in ɗauki rami guda, wanda na gani da idona a wani gidan haya kusa da mu. Zurfinsa ƙafa takwas, tsawo ƙafa goma, faɗi ƙafa shida. An haƙa shi a miƙe ɗoɗar kamar akwati. Ƙasar da aka fitar an tula ta a bakin ramin, ga bulo kusan ɗari an jera a ɗaya gefen, ga katangar maƙwabci ba ta fi taku ɗaya daga bakin ba. Yaro biyu suna ciki. Babu tsani, in za su fito, na sama ke miƙa musu hannu. Na ce wa mesin ɗin, "Maigida, wannan bangon ba zai zubo ba kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, jar ƙasa ce fa. Shekara ashirin ina wannan aiki."

Gaskiyarsa ta wani gefen. Jar ƙasar Kumasi tana da yumɓu, tana da danƙo, kuma takan tsaya a miƙe kwana da kwanaki. Nan ne ma haɗarin yake. Rairayi ba ya yaudarar kowa, kana haƙa yana zubowa, dole ka buɗa bakin ramin. Ƙasa mai danƙo kuwa tana tsayawa ta ba ka amana, sai ranar da ta sha ruwa ko ta bushe ta tsage, ta ɓallo gaba ɗaya kamar an yanka burodi.

Mu auna abin da zai ɓallo. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana kai tan ɗaya da rabi zuwa biyu, wato buhun siminti talatin zuwa arba'in. A ramin nan, in bango ɗaya ya ɓalle tun daga sama har ƙasa, kaurin ɓallin bai wuce rabin mita ba, to an sami ƙasa wajen tan shida. Siminti buhu ɗari da ashirin ke nan, a kan yaron da ya sunkuya yana kwasa da shebur, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba a tsere mata. Kuma ba sai ta rufe kai ba. In ta kai ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar ƙasar na ƙara matsewa, ya kasa ja wani. Fuskarsa na waje, mutane na kallonsa, yana shaƙewa.

Saboda haka ne ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka ta ce rami ya kai ƙafa biyar, in ba cikin dutse aka haƙa shi ba, dole a yi masa kariya kafin mutum ya shiga. Ƙafa biyar ɗin nan kafaɗar babban mutum ce yana tsaye, alhali mai haƙa a duƙe yake aiki. Ga irin aikinmu na unguwa hanyar kariyar biyu ce: ko a kwantar da bangon, ko a tokare shi.

Kwantarwa ita ce a buɗa bakin ramin ya fi gindinsa faɗi, bangon ya zama gangare. Yawan buɗawar ya danganta da ƙasar. Mai tauri sosai, wadda in ka danna babban yatsa da ƙyar zai bar alama, kowace ƙafa huɗu ta zurfi a ja baya ƙafa uku. Matsakaiciya, ƙafa ɗaya a ja ƙafa ɗaya. Mai laushi, wadda yatsa ke nutsewa cikinta, ko rairayi, ko wadda ruwa ke tsattsafowa daga jikinta, ƙafa ɗaya a ja ɗaya da rabi.

To a Zango wa ke da ƙasa mai daraja ta farko? Ƙasar da aka taɓa haƙawa aka cike ba ta shiga wannan aji, komai jarta. Unguwanninmu kuwa an daɗe ana zaune a cikinsu. Inda kake tsaye yau, wataƙila tsohuwar salga ce da aka binne zamanin kakanni, ko bola, ko hanyar ruwan wanka. In kana haƙa ka fara ganin baƙar ƙasa da leda da fasassun kwalabe, ka san ba jar ƙasar da mesin ke taƙama da ita ba ce. Gidajen da ke gangaren rafin Aboabo kuma ruwa na kusa, ƙafa kaɗan za ka tarar da laima.

Yanzu a yi lissafi da ramin namu. In ƙasar matsakaiciya ce, zurfin ƙafa takwas na buƙatar a ja baya ƙafa takwas ta kowane gefe. Faɗin ƙafa shida ya koma 22 a sama. In mai laushi ce, ƙafa goma sha biyu kowane gefe, faɗin ya zama 30. Wace tsakar gida ce a Aboabo ke da fili ƙafa talatin? Shi ya sa nake ganin duk mai yi mana wa'azin "a kwantar da bango" bai shiga lungunanmu ba. A gona ko sabon fili a bayan gari, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. A cikin Zango, tokara ce kawai ta rage.

Tokara ba wani abin mamaki ba ne, kafinta ya san rabinta. Ana jera katako mai kauri, inci biyu, a tsaye jikin bangon. A ɗora dogon katako a kwance ya haɗe su. Sannan a sa gungume ya gitta ramin daga wannan bango zuwa wancan, a buga masa ƴan guntaye ya matse tsam. A ƙasa mai laushi katakan tsaye sai sun haɗu babu rata. A mai tauri ana iya barin tazara. Abu biyu ake kuskurewa. Na farko, tsari: ana sawa daga sama zuwa ƙasa, rami na nutsawa tokara na binsa, don kada mutum ya tsaya inda ba a tokare ba. Cirewa kuma daga ƙasa zuwa sama, ana cikewa ana ɗagowa. Na biyu, irin katakon. Siririn allon wawa da ake zuba kankare da shi itace ne mara nauyi mai laushi, ba a yi shi don riƙe bangon ƙasa ba. Sunan da Asante suka ba shi ne, amma a wannan aiki ya dace da ma'anarsa ta Hausa.

Akwai kuma abubuwan da ba sa cin ko sidi ɗaya. Ƙasar da aka fitar a ja ta aƙalla ƙafa biyu daga baki, in da hali fiye, domin nauyinta na danna bangon da ake tsoro. Haka bulo da yashi. Kada aboboya ko tifa ta matso ta sauke kaya mutum na ciki. Nauyi da girgiza sukan ƙarasa bangon da ya riga ya gaji. Tsani ya kasance a ciki, kansa ya ɗara bakin ramin. Maganar katangar maƙwabci kuwa ta fi ƙarfin lebura: in ramin zai nutsa ƙasa da harsashinta kuma yana dab da ita, an cire mata abin da take zaune a kai. Nan sai a matsar da ramin ko a nemo injiniya.

Kafin ta faɗi, ƙasa takan yi gargaɗi, ko da yake ba kullum ba. Alamar da aka fi rasa gani ita ce tsaga a doron ƙasa, wadda ke bin tsawon ramin. Ba a bakin take fitowa ba, takan fito baya da kamar rabin zurfin ko fiye kaɗan. A rami mai ƙafa takwas, a neme ta ƙafa huɗu zuwa shida daga baki, wato daidai inda aka saba tula ƙasa a rufe ta. Sauran alamun su ne ɓurɓushi na gangarowa, gindin bango ya kumburo, ko ruwa ya fara tsattsafowa. Ramin da ya kwana cikin ruwan sama sabon rami ne, sai an sake duba shi. Mu da ke da damina biyu a shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

In kuma ta riga ta rufta, abin da zuciya ke cewa shi ne a yi tsalle a shiga. Bangon da ya ɓallo sau ɗaya ya bar sauran a rataye, ɓalli na biyu kan binne masu ceto. A kira 112 ko ƴan kwana-kwana a 192, a kori taro daga baki, a kashe duk injin da ke kusa, a tokare kafin a sauka. Kusa da mutum da hannu ake tonawa, a fara da fuska da ƙirji, ba da diga ba, kuma ba a ɗaura masa igiya a fizgo shi. Ko ya fito yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti. Naman da ya daɗe a danne yakan saki guba cikin jini bayan an ɗage nauyin, ta taɓa ƙoda da zuciya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin lafiyar wurin aiki, ta kuma ba ma'aikaci damar janyewa in ya ga haɗari na kusa. Amma jami'in gwamnati ba zai leƙa kowace tsakar gida ba, kuma yaron da ya ƙi shiga ya san akwai wani a bakin titi da zai karɓi aikin. A ganina matsalar tana wurin ciniki. Jinga ake yi: rami kaza, kuɗi kaza. Duk katakon da mesin ya saya daga ribarsa ya fita, duk awar da aka ɓata wajen tokara hasararsa ce. Muddin haka ake sallamawa, bango a miƙe zai ci gaba da zama mafi arha. Mai gida ne zai iya warware wannan, ya ware kuɗin katako daban, ya saya da kansa. Katakon ma ba ɓata yake ba, da shi za a yi rufin ramin in an zo zuba kankare.

A gidan da na faɗa, abin da na iya samu bayan doguwar magana da mai gidan shi ne aka janye bulon, aka kwashe tulin ƙasar zuwa ƙofar gida, aka aro tsani. Katako dai ba a saya ba. An gama ginin cikin kwana huɗu, ba a yi ruwa ba a kwanakin, kuma mesin har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Malam, ka ga ta zubo?"