Tauraron da aka saya ba shaida ba ne

Jama'ar zango, akwai wata al'ada da ke shigowa kasuwancinmu a hankali, wadda ya kamata mu auna ta kafin ta zauna daram. Mai gidan abinci ko mai shagon waya zai ce wa abokin ciniki: "Shiga Google Maps ka ba mu taurari biyar, ka nuna mini, in rage maka sidi 10." Da yawa suna ganin wannan ihsani ne kawai. A ganina algus ne, kuma masu dandalin da suka haramta shi suna da gaskiya.

Bahaushe ya daɗe da sanin yabon da ake biya. Maroƙi yana wasa attajiri a bainar jama'a, a ba shi riga ko kuɗi, babu wanda ya ce an yaudare shi, domin kowa ya san sana'arsa ke nan. Dillali yana koɗa saniya a kara, mai saye ya san akwai la'ada a gaba, sai ya rage wani abu daga maganar kafin ya yi tayi. Shaida kuwa daban take. Idan baƙo ya tambayi maƙwabci ko telan nan yana cika alkawari, yana dogara ne da cewa maƙwabcin ba shi da riba a cikin amsar. Sharhin da masu saye ke rubutawa a intanet a gurbin wannan maƙwabcin yake. Wanda aka biya ya yi yabo, sannan ya fito a matsayin mai saye da ba shi da wata manufa, maroƙi ne ya ari rigar mai shaida. A ɓoyewar nan yaudarar take.

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. A ce wani gidan abinci a Kumasi yana da sharhi 20, jimillar taurarinsu 70, wato matsakaicin 3.5. Wannan adadi yana faɗin gaskiya: wasu sun ji daɗi, wasu sun koka da jinkiri ko miyar da ta kwana. Sai mai gidan ya sa rangwamen sidi 10 ga duk wanda ya ba shi taurari biyar, mutum 40 suka amsa. Taurari 200 sun shigo, jimilla ta zama 270 a kan sharhi 60, matsakaici ya haura zuwa 4.5. Ya kashe sidi 400, bai sauya mai girki ba, bai gyara komai a madafa ba. A gefensa akwai wata baiwar Allah da ta tara 4.2 da guminta cikin shekara uku. Matafiyin da ya sauka a tasha ya buɗe wayarsa zai wuce ta, ya nufi wanda ya sayi matsayinsa. An cuci mutum biyu ke nan: baƙon da aka ɓatar, da maƙwabciyar da aka ƙwace wa ciniki.

Za a ce ai mutanen nan 40 sun ci abincin da gaske, wataƙila ma ya yi musu daɗi. To, amma sharaɗin ya riga ya tace su. Wanda bai ji daɗi ba, ko dai ya yi shiru ya tafi, ko ya danna biyar don kada rangwame ya wuce shi. Wanda zuciyarsa ta ce uku, ga mai shago tsaye a kansa yana leƙen wayar, da wuya ya iya rubuta ukun. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido ya ji kunya. Ko da kowane ɗaya bai yi ƙarya tsagwaronta ba, adadin da ya fito a ƙarshe ƙarya ne, tun da an buɗe ƙofa ga yabo kaɗai, an rufe ta ga suka.

Za a kuma ce kyauta ɗabi'armu ce, mai awo ma yana yin gyara. Gaskiya ne, sai dai gyara ana yin ta bayan an gama ciniki, ba a ɗora mata sharaɗi, kuma ba ta shafi aljihun wani na uku ba. Abin da ya fi kama da wannan al'ada a littattafan fiƙihu shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi a kan haja ba da niyyar saye ba, don wani ya ruɗu ya ɗauka tana da daraja. Malamai sun hana shi saboda an ƙirƙiro wa mai saye alamar da ba ta gaskiya ba. Tauraron da aka biya shi ma alama ce ƙirƙirarriya.

Su kuwa masu dandali, amana ita ce jarinsu, domin ranar da mutane suka daina yarda da taurari, ranar ce amfaninsu ya ƙare. Shi ya sa ƙa'idar Google Maps ta hana ba da kuɗi, rangwame ko kyauta don a rubuta sharhi, kuma kamfanin yana iya share irin waɗannan sharhin. Amazon ya taɓa barin masu kaya su ba da kaya kyauta ko da rangwame, muddin mai sharhi ya bayyana hakan. A watan Oktoba na 2016 ya hana wannan ma, ya bar tsarinsa na Vine, inda shi kamfanin ke zaɓen masu gwada kaya, ba a sharɗanta musu yabo, kuma ana sa alama a kan sharhinsu. A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta fitar da doka a 2024 da ta haramta biyan lada a kan sharaɗin sharhi ya zama na yabo ko na suka, tare da tara mai nauyi. 'Yan'uwanmu da ke sayar da kaya ga masu saye a can, wannan ya shafe su kai tsaye.

Mai saye yana da hanyar ganewa. Ya duba kwanan wata: idan shago ya yi wata shida ba sharhi, sai talatin suka zubo cikin mako guda, akwai lauje cikin naɗi. Ya duba lafazi: yabon da aka saya gajere ne, kalmominsa iri ɗaya, ba ya ambaton abin da aka ci ko nawa aka biya. Ya kuma karanta masu taurari biyu da uku, domin a nan ake samun wanda ya faɗi abin da ya gamsar da shi da abin da ya ɓata masa rai. Idan ƙorafi ɗaya ya maimaitu a bakin mutane da yawa, shi ne hoton wurin.

Ɗan kasuwa kuma ba a hana shi neman sharhi ba. Ya roƙi kowa da kowa, wanda ya yi murmushi da wanda ya ɗaure fuska, ba tare da lada ba, kuma kada ya tsaya a kan mutum yana rubutawa. Idan suka ta zo, ya amsa ta da ladabi a fili, ya gyara abin da aka faɗa. Sidi 400 ɗin nan, da a madafa aka zuba su, da taurarin da za su biyo baya sun zama halaliyarsa, babu mai share su.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya tsare mana amanar juna.