Tallar gidan haya mai kyau tana rage masu kira ne

Akwai wani rubutu da ke yawo a wayoyin mutanen Kano da Kaduna da Abuja, wanda kusan kowa ya haddace shi: "Haɗaɗɗen gida, ciki biyu da falo, a unguwa mai kyau, ruwa da wuta ba matsala, mai buƙata ya kira." Mai gida ko dillalin da ya rubuta shi yakan ji daɗi idan wayarsa ta wuni tana ƙara. Bayan mako uku kuma sai ya tarar ya kai mutum goma sha biyu ganin gida, ya ƙona mai, ya bar wurin aikinsa sau da dama, gidan kuwa yana nan a kulle. Laifin yana cikin rubutun. An yi shi ne don ya jawo kowa, alhali ƙaramin gida mai ciki biyu bai dace da kowa ba, kuma aikin talla shi ne ta sallami wanda gidan bai dace da shi ba tun kafin ya ɗauki waya.

A ɗauka gidan yana Rijiyar Zaki a Kano, a ƙasan wani bene mai gida huɗu, kuma kuɗin hayarsa naira 900,000 ne a shekara. Kanun tallar layi ɗaya ne, shi kaɗai mutane da yawa za su karanta, don haka bai kamata a ɓata shi da yabo ba. Abubuwa uku ne suke raba mai neman gida da wanda ba ruwansa: ina ne, mene ne, nawa ne. Kanun da ya ce "Rijiyar Zaki: ƙaramin ciki biyu da falo, mitarsa daban, naira 900,000 a shekara" ya gama rabin aikin. Malamin da ke koyarwa a sabon mazaunin Jami'ar Bayero zai tsaya a kansa, wanda ke aiki a Hotoro zai lissafa nisan ya wuce, wanda ƙarfinsa bai kai ba kuma ba zai ɓata lokacin kowa ba.

Kalmar "ƙarami" ita ce masu gida suka fi gudu, ita ce kuma ta fi cancanta ta fito. Dalilin yana cikin su wane ne ke kama irin wannan gida. Da yawansu angwaye ne, kuma ango ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Akwai kayan ɗaki da iyayen amarya suka riga suka saya, akwai 'yan jere da za su zo da gado da wadirof da madubi. Gado mai ƙafa shida da shida, idan aka haɗa da katakonsa, yakan ci kusan ƙafa shida da rabi a faɗi. Wadirof yana cin ƙafa biyu daga bango. Idan faɗin ɗakin ƙafa goma ne, abin da ya rage tsakaninsu ƙafa ɗaya da rabi ne, wato ƙofar wadirof ba za ta buɗu sosai ba. A ɗaki mai ƙafa goma sha biyu kuwa ana samun ƙafa uku da rabi, mutum ya wuce ba tare da ya karkace ba. Wannan bambancin ƙafa biyu shi ne bambancin ɗan hayar da zai sabunta da wanda zai fara neman wani gida tun watan farko, ko ma ya dawo ranar jere yana neman a mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka mai gida ya ari tef ɗin kafinta ya auna, ya rubuta: babban ɗaki ƙafa 12 da 12, ƙaramin ƙafa 10 da 10, falo ƙafa 12 da 14. Hoto ba ya maye gurbin wannan, domin kyamarar waya, idan aka tsaya da ita a kusurwa, tana mayar da shago fili.

Sai maganar "ruwa da wuta ba matsala", wadda ba ta gaya wa kowa komai. Mai neman gida da gaske yana son ya san daga ina ruwan yake zuwa: bohol ne na gidan, ko famfon gwamnati, ko kuwa 'yan garuwa ne abin dogaro. Idan bohol ne, wa ke tayar da shi ranar da babu wuta, kuma wa ke biyan kuɗin mai? Wuta ma haka take. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin lantarki ga masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa ashirin a rana, sanin rukunin da gida yake ya zama maganar aljihu. Wani yana neman Band A don yana aiki daga gida, wani yana gudunsa don tsada. Mita ta kati ce ko takardar ƙiyasi ake kawowa, ta gidan ce kaɗai ko ana tarayya da maƙwabta, duk a faɗa. Mitar tarayya ta ɓata zumuncin maƙwabta fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya taɓa ɗanɗana ta ba ya kama gida sai ya tambaya.

Kuɗi kuwa a rubuta shi gaba ɗaya. A misalin nan, bayan hayar naira 900,000 akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, wato 90,000. A ce kuma akwai kuɗin ajiya na ɓarna 50,000 da na rubuta yarjejeniya 30,000. Jimla ta zama naira 1,070,000. Mutumin da ya tara dubu ɗari tara cif, ya zo ya ga gida ya yaba, sannan aka karanto masa sauran a bakin ƙofa, ba ƙaramin abu aka yi masa ba, kuma daga wannan lokacin zai riƙa zargin duk abin da aka gaya masa game da gidan. A kuma bayyana ko kuɗin ajiyar ana mayarwa idan an tashi lafiya.

Masu gida suna da hujjar da suke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce idan aka rubuta farashi an rufe ƙofar ciniki, idan aka faɗi aibi kuma an kori mai saye da hannu. Gara mutum ya zo ya gani, wataƙila ya so. Wannan dabara tana aiki a kasuwar Kwari, inda duba atamfa ba ya cin komai, kuma wanda ya saya ya tafi ke nan. Haya zama ce ta shekara guda a ƙalla da mutumin da zai gano kowane aibi a makon farko, yana kuma riƙe da lambar wayar mai gida. Idan layin yana cika da ruwa a watan Agusta, jimla ɗaya ta isa: "Layin ba kwalta, da damina ƙaramar mota tana shan wahala." Wanda ya karanta haka ya kuma kira, ya riga ya yarda da shi.

Sharuɗɗa ma a faɗe su a fili cikin ladabi: mai gida yana zaune a saman benen, ana rufe get da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wurin ajiye mota ɗaya ne. A ƙarshen tallar a sa ranakun gani, misali Asabar da Lahadi bayan la'asar, a kuma roƙi mai buƙata ya turo saƙo yana faɗin aikinsa, yawan mutanen da za su zauna, da watan da yake son tarewa. Wanda ke yawon kallon gidaje ba kasafai yake zama ya rubuta waɗannan abubuwa uku ba. Wanda aka sa ranar ɗaurin aurensa kuwa yakan turo su a daren da ya ga tallar.